BABI NA UKU: HANYOYIN FITAR FURSUNA KAFIN CIKAR WA'ADINSA DA SHARUƊƊAN DA KE BIN SA

3.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, idan aka ga mutumin da kotu ta ɗaure shekara uku ya dawo gida bayan shekara biyu, abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne, "Ai afuwa aka yi masa." Wasu kuma sukan ce a gidan yari dare daban ake ƙirga shi, rana daban, shi ya sa shekarar can ba ta kai ta waje ba. Duka maganganun biyu ba su dace da abin da doka ta tanada ba. A wannan babi za a yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ake haɗawa a kira afuwa hanyoyi ne mabambanta, kowace da mai ikon buɗe ta, da wanda ya cancance ta, da kuma irin igiyar da take bari a ƙafar wanda aka saka. Za a dubi guda uku, wato rangwame da afuwa da sakin talala, sannan a taɓo wasu biyu da ake yawan rikita su da waɗannan. Sanin bambancinsu shi ke nuna wa iyalin fursuna ƙofar da za su ƙwanƙwasa, shi ke kuma nuna wa wanda aka saka abin da zai iya mayar da shi ciki.

3.1 Dokokin da Suka Shafi Al'amarin

Kafin shekarar 1968, yawancin gidajen yarin ƙasar Hausa a hannun En'e suke, ƙarƙashin kulawar Yari da dogaran sarki. A wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta karɓe su, sannan a 1972 aka kafa dokar gidajen yari wadda aka daɗe ana aiki da ita. A 2019 aka soke ta, aka maye gurbinta da Dokar Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Sabuwar dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: ɓangaren da ke tsare mutane, da ɓangaren da ke sa ido a kan masu yin hukuncinsu a waje.

Baya ga wannan akwai Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kuma a kan laifuffukan tarayya. Jihar Kano ta yi tata a 2019, wadda aka gina a kan tsarin ta tarayya. Sai kuma Tsarin Mulkin 1999, wanda shi ne tushen ikon afuwa. Mutumin da wata kotu a Gaya ko Ajingi ta ɗaure, ko a Wudil aka ajiye shi, ko aka wuce da shi Kurmawa ko Goron Dutse a birnin Kano, waɗannan dokoki ne za su yanke ranar fitarsa.

3.2 Rangwame

Rangwame shi ne ragin da hukumar gidan yari da kanta take yi wa fursuna saboda ladabi da himmar aiki. Ƙa'idar ita ce, duk wanda aka yanke wa ɗaurin da ya wuce wata ɗaya yana iya samun ragin da ya kai ɗaya bisa uku na wa'adinsa. Daga nan ne maganar nan ta samo asali cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, domin idan aka cire kashi ɗaya cikin uku na wata goma sha biyu, takwas ne ke saura. Ba dare da rana ake rabawa ba.

Ba a neman rangwame da takarda, kuma ba ya bukatar sa hannun gwamna ko alƙali. Tun ranar da aka shigo da mutum, ma'aikacin da ke riƙe da rajista zai dubi warantin kotu ya fitar da ranaku biyu. Ta farko ita ce ranar fita ta nesa, wato ranar da wa'adin zai cika cif. Ta biyu ita ce ranar fita ta kusa, wato bayan an cire rangwamen gaba ɗaya. Ana iya cewa an ba shi ragin tun da fari, abin da ya rage masa shi ne kada ya zubar da shi.

3.2.1 Misali

A ɗauka wani manomi daga wani ƙauyen Ajingi, a kira shi Tanko, kotu ta same shi da laifin satar saniya, ta ɗaure shi shekara 3 ba zaɓin tara, daga ranar 1 ga Maris, 2021. Shekara 3 wata 36 ke nan, don haka ranar fitarsa ta nesa ita ce 29 ga Fabrairu, 2024. Ɗaya bisa uku na wata 36 shi ne wata 12. Idan aka cire, saura wata 24, ranar fitarsa ta kusa ta zama 28 ga Fabrairu, 2023.

A ɗauka kuma a cikin shekararsa ta biyu gandurobobi suka kama shi da wayar hannu, abin da aka haramta wa fursuna. Shugaban gidan zai zauna ya saurari ƙarar, ya ji ta bakin Tanko. Idan ya same shi da laifi ya yanke masa asarar kwana 30 daga rangwamensa, ranar fitarsa za ta koma 30 ga Maris, 2023. Abin lura a nan shi ne, shugaban gidan bai ƙara masa ɗauri ba, domin ba shi da wannan iko. Daga cikin ragin kawai ya ɗiba. Ko da Tanko zai zubar da rangwamensa duka, ba a da ikon riƙe shi ya wuce 29 ga Fabrairu, 2024, sai fa idan ya aikata sabon laifin da wata kotu ta sake yanke masa hukunci.

Abubuwa biyu sukan sa lissafin iyali ya saɓa da na rajista. Na farko shi ne ranar da wa'adin ya fara. Dokar 2015 ta ce a yi la'akari da zaman da mutum ya yi yana jiran shari'a. Da a ce Tanko ya yi wata 6 a tsare kafin hukunci, kuma alƙali ya ce a fara ƙirga daga ranar da aka tsare shi, to duka ranakun biyu za su matso da wata 6. Amma ma'aikacin rajista abin da ke rubuce a waranti yake bi. Idan ba a rubuta ba, sai an koma kotu an gyara. Na biyu shi ne idan laifin ya fi ɗaya. Wanda aka ɗaure shekara 3 a kan sata da shekara 2 a kan fasa gida, idan aka ce ya yi su a tare, shekara 3 ce a kansa, zai fita bayan wata 24. Idan kuwa aka ce ɗaya bayan ɗaya, shekara 5 ce, wato wata 60, sai ya yi wata 40. Kalma ɗaya a waranti ta haifar da bambancin wata 16.

3.2.2 Iyakar Rangwame

Mai jiran shari'a ba ya samun rangwame, domin ba a yanke masa wa'adin da za a rage ba. Haka nan wanda aka yanke wa kisa ko ɗaurin rai da rai, tunda babu adadin da za a raba uku. Game da sharaɗi kuwa, wanda ya fita ta wannan hanya ya gama hukuncinsa. Ba zai riƙa zuwa sa hannu ko'ina ba, kuma ba za a mayar da shi ya cike watannin da aka rage masa ba. Sai dai tabon laifin yana nan a kansa. Idan ya sake aikata wani, kotu za ta ɗauke shi a matsayin wanda aka taɓa ɗaurewa, kuma hakan kan sa hukunci ya yi tsanani.

3.3 Afuwa

Afuwa ta gaskiya iko ne da Tsarin Mulkin 1999 ya ba mutum biyu. Sashe na 175 ya ba Shugaban Ƙasa a kan laifuffukan dokokin tarayya, bayan ya shawarci Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Sashe na 212 ya ba gwamna a kan laifuffukan dokokin jiha, bayan ya shawarci kwamitin da ke ba shi shawara kan jinƙai. Wannan rabo yana da amfani a aikace. Tanko da ya saci saniya, dokar Jihar Kano ya karya, saboda haka Gwamnan Kano ne ke da ikon yi masa afuwa. Amma saurayin Gaya da Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure a kan safarar miyagun ƙwayoyi, ko da a Kurmawa yake zaune, gwamna ba shi da iko a kansa. Iyalin da suka kai kokensu gidan gwamnati a kan irin wannan sun ɓata tafiyarsu.

Ikon afuwa yana da fuska huɗu. Ana iya yafe wa mutum laifin baki ɗaya, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Ana iya jinkirta zartar da hukunci. Ana iya musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi, kamar a mayar da kisa ɗaurin rai da rai. Ana kuma iya ɗauke masa sauran wa'adi ko tara. Ta farkon ce kaɗai ke wanke mutum. A shari'ar zaɓen 1999 tsakanin Olu Falae da Olusegun Obasanjo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa cikakkiyar yafewar da aka yi wa Obasanjo ta share laifin da duk abin da ya haifar. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin Tsarin Mulki ya hana wanda aka ɗaure a kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa har sai shekara 10 ta wuce. Wanda aka ɗauke wa sauran wa'adi kawai yana cikin wannan hani.

Galibi hukumar gidan yari ce ke tsara sunayen waɗanda suka cancanta, kwamiti ya tace, sannan a kai wa mai iko. Afuwar watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ta nuna irin ma'aunin da ake amfani da shi. A lokacin an amince da sakin fursunoni 2,600 a faɗin ƙasa. Cikin rukunonin da aka zaɓa akwai masu shekara 60 zuwa sama, da masu ciwon da ake tsoron na ajali ne, da masu taɓin hankali, da waɗanda aka ɗaure shekara 3 ko fiye kuma abin da ya rage musu bai kai wata 6 ba, da waɗanda tarar da ke kansu ba ta wuce naira 50,000 ba. A Kano kuma an saba ganin gwamna yana sakin fursunoni a lokutan Sallah, kamar yadda Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sha yi tsakanin 2015 da 2023.

Afuwa tana da wata iyaka da jama'a ba su cika lura da ita ba. Abin da sashe na 212 ya ambata gwamna zai iya ɗaukewa shi ne hukunci da kuma abin da jiha ke bin mutum. Tara haƙƙin gwamnati ce. Amma idan kotu ta ce Tanko ya biya mai saniya kuɗin saniyarsa, wannan haƙƙin mai saniya ne. Haka abin yake a shari'ar Musulunci, wadda Kano ta kafa dokar laifuffukanta a 2000: a hukuncin ƙisasi, yafewa ko karɓar diyya a hannun waliyyan jini suke. Shi ya sa neman sulhu da wanda aka zalunta, ta hannun mai unguwa da dagaci da limamin gari, yakan zama matakin farko na duk mai neman jinƙai.

3.4 Sakin Talala

Talala ita ce doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita, a bar ta tana kiwo a fili alhali ƙarshen igiyar yana a turke. Wannan ita ce siffar hanya ta uku, wadda ma'aikata ke kira farol. Asalin kalmar Faransanci ce, ma'anarta magana ko alkawari. Ana danganta tushen tsarin da Alexander Maconochie, wanda ya shugabanci gidan yarin tsibirin Norfolk daga 1840, ya riƙa ba fursunoni maki a kan aiki da ladabi har su fanshi kansu da shi.

A Nijeriya, sashe na 468 na Dokar 2015 ne ya shimfiɗa matakansa. Da farko, sai fursunan ya kasance an ɗaure shi aƙalla shekara 15, ko rai da rai. Na biyu, sai ya yi aƙalla ɗaya bisa uku na wa'adinsa. Na uku, sai Kwanturola-Janar ya rubuta wa kotu rahoton cewa halinsa ya gyaru. Daga nan kotu za ta saurari mai gabatar da ƙara, ta saurari fursunan ko lauyansa. Idan ta gamsu, sai ta ba da umurnin a dakatar da sauran wa'adin, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Dokar 2019 kuma ta ɗora wa hukumar gyaran hali naɗa kwamitin sakin talala da sa ido a kan waɗanda aka saka.

A nan ana bukatar a lura da kalmar dakatarwa. Ba a yafe sauran wa'adin ba, rataye shi aka yi. A ɗauka wani mutumin Gaya an ɗaure shi shekara 15. Ta hanyar rangwame zai fita bayan shekara 10, ya tafi abinsa ba igiya. Ta hanyar talala yana iya fita bayan shekara 5, amma da sauran wa'adin rataye a wuyansa.

3.4.1 Sharuɗɗan da Zai Kiyaye

Sharaɗi ɗaya ne sashen ya wajabta a fili, wato wanda aka saka ya shiga shirin gyaran hali a wata cibiyar gwamnati ko makamanciyarta, don ya iya komawa cikin jama'a. Sauran an bar wa kotu. Sai dai ana iya gane irinsu daga sassan da suka gabace shi, na 453 zuwa 459, waɗanda suka yi magana a kan wanda kotu ta sa a ƙarƙashin kulawa maimakon ta ɗaure shi. A can an ambaci ya yi alkawari a rubuce, da masu tsaya masa ko ba su, cewa zai zauna lafiya kuma zai bayyana duk lokacin da aka kira shi. An kuma ambaci ƙayyade masa wurin zama, da hana shi kayan maye, da sa shi ƙarƙashin jami'in da zai riƙa bibiyar halinsa yana kai wa kotu rahoto. Wanda ya saɓa, kotu tana iya aika masa da sammaci ko ta ba da warantin kama shi.

Waɗannan sharuɗɗa suna da sauƙi a takarda, amma suna cin karo da rayuwar karkara. Matasan Gaya da Ajingi da yawa sukan tafi ci-rani Kano ko Kudu da zarar an gama girbi. Wanda aka ƙayyade wa wurin zama, idan ya bi 'yan uwansa ba tare da izini ba, ya karya sharaɗi ko da bai taɓa kayan kowa ba. Haka nan idan aka ce ya riƙa bayyana gaban jami'i a wani gari mai nisa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya fara fashi. Saboda haka wajibi ne shi da masu tsaya masa su nemi a karanta musu umurnin kotu da Hausa, su san ranakun bayyana, kuma su nemi izini kafin tafiya, ba bayanta ba.

3.4.2 Giɓin da ke Cikin Dokar

Akwai matsaloli uku a sashe na 468. Ta farko, ya bar masu gajeren wa'adi a waje. Wanda aka ɗaure shekara 14 bai cancanci talala ba, sai ya jira rangwame ya fita bayan shekara 9 da wata 4, alhali mai shekara 15 yana iya fita bayan 5. Ta biyu, bai faɗi yadda za a ƙirga ɗaya bisa uku na rai da rai ba. Ta uku, bai zayyana matakan mayar da wanda ya saɓa ba, kuma bai ce ko zaman da ya yi a waje zai shiga lissafi ba. Bugu da ƙari, fursuna ba shi da ikon fara neman da kansa, sai rahoto ya fito daga hukuma.

3.5 Hanyoyi Biyu da Ake Rikitawa da Afuwa

Ta farko ita ce biyan tara. Wanda aka ce ya biya tara ko ya yi zaman kaso, ranar da aka biya zai fita, ko wane ne ya biya. A watan Nuwamban 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. Wannan ba afuwa ba ce, cika hukunci ne, don haka ba sharaɗin da ke bin su.

Ta biyu ita ce ziyarar Babban Joji. Wata doka ta 1977 ta ba Alƙalin Alƙalan Nijeriya da Babban Jojin jiha ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ƙarara, ko wanda ya jira shari'a fiye da iyakar ɗaurin laifin da ake zarginsa da shi. Wannan ƙofa ce ta masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan. Sai dai sallama ce, ba wankewa ba, domin ba a yi shari'ar an ce ba su da laifi ba.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tambayar da ta kamata a yi wa wanda ya dawo gida da wuri ita ce, ta wace ƙofa ya fito? Idan ta rangwame ce ko biyan tara, ya gama da hukuma, amma laifin yana rubuce. Idan ta afuwa ce, sai a dubi takardar, a ga ko yafewa ce ko ragi, da sharaɗi ko babu. Idan ta Babban Joji ce, ba a wanke shi daga zargi ba. Idan kuwa ta talala ce, har yanzu igiyar tana ƙafarsa, kuma tafiya ɗaya ba izini tana iya mayar da shi gaban kotu. An kuma ga cewa mai gajeren wa'adi irin Tanko, abin dogaronsa shi ne rangwame, wanda ladabinsa da ingancin warantin kotu ke tsare masa. Babi na gaba zai dubi irin karɓar da al'umma ke yi wa wanda aka saka bayan ya dawo gida.